Riɗi na dala 300,000 da kwana 90 na jira: fowad ko ofshin?

Alhaji Sada, Katsina: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar banki a cikinmu. Na sa hannu a kan kwangilar riɗi tan 200 da wani mai saye a Turkiyya, a kan dala 1,500 kowane tan, wato dala 300,000 ke nan, kuma kuɗin za su shigo bayan kwana 90. Da na haɗa kuɗin sayen riɗin, da tacewa, da buhuna, da mota zuwa Legas, da kuɗin tashar jirgin ruwa, da abin da zan biya masu jarin da na karɓa, lissafina ya tsaya a naira miliyan 390. Yau dala tana 1,500, don haka da yau za a biya ni, da na samu miliyan 450, riba miliyan 60. Bankina ya ba ni zaɓi biyu. Na farko fowad: in yi alkawarin sayar musu da dalar a kan 1,540 ranar da kwana 90 suka cika. Na biyu ofshin: in biya naira 30 a kan kowace dala yanzu, in samu damar sayarwa a 1,500 idan na ga dama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me zai sa in biya kuɗi don in sayar a 1,500, alhali ga 1,540 kyauta?

Kabir, Jibiya: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina kada ka taɓa ko ɗaya. Ka bar dalarka a asusun dala, idan ta tashi ka fitar ka kai wa 'yan canji. Tun muna yara dala hawa take yi, kuma duk wanda ya riƙe ta bai yi nadama ba. Haka muke yi da sefa a hanyar Maraɗi.

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura: Malam Kabir, kuɗin Alhaji ba irin sefar da ake riƙewa a aljihu ba ce. Kaya ne da za su fita da fom ɗin NXP, wato takardar rajistar fitar da kaya waje da ake cikewa ta banki, kuma dokar Babban Bankin Nijeriya ta ce a dawo da kuɗin kayan da ba man fetur ba ta hanyar banki cikin kwana 180 daga ranar takardar lodin jirgi. Sannan maganar cewa dala hawa kawai take yi gaskiya ce idan aka dubi shekara goma, amma Alhaji kwana 90 yake magana. A ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,600, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya sayi kaya da lissafin Fabrairu, kuɗinsa suka shigo a Afrilu, ya san abin da ya ɗanɗana.

Alhaji, kafin mu kai ga tambayarka, lambar da ya kamata ka fara riƙewa ita ce 1,300. Idan ka raba miliyan 390 da dala 300,000, abin da za ka samu ke nan, ma'ana idan dala ta sauko ƙasa da 1,300 ranar biya, uwar kuɗi ka fara ci. Yanzu mu ɗauki ranaku uku da za su iya zuwa: dala a 1,250, dala a 1,500, da dala a 1,800.

Idan ba ka yi komai ba, a 1,250 za ka karɓi miliyan 375, asarar miliyan 15 ke nan; a 1,500 ribarka miliyan 60; a 1,800 kuwa za ka karɓi miliyan 540, riba miliyan 150. Idan ka ɗauki fowad, babu ruwanka da ranakun nan uku, domin miliyan 462 za ka karɓa a kowace, riba miliyan 72. Idan ka ɗauki ofshin, ka riga ka fitar da miliyan 9 tun yau, kuma ba za su dawo ba ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. A 1,250 sai ka je banki ka ce su cika alkawari su saya a 1,500, bayan cire naira 30 ya zama 1,470, wato miliyan 441, riba miliyan 51. A 1,500 ma haka ne, miliyan 51. Amma a 1,800 sai ka bar ofshin ɗin ya mutu, ka sayar a kasuwa, abin da zai rage maka 1,770 ne, wato miliyan 531, riba miliyan 141.

To ka ga amsar tambayarka. Fowad ba kyauta ba ne, kuɗinsa shi ne ka sallama duk abin da ya haura 1,540. Naira 30 ɗin ofshin kuwa kuɗin 'yancin cewa "na fasa" ne. Sai dala ta wuce 1,570 ofshin zai fi fowad kawo maka kuɗi. Ƙasa da haka fowad ne ke gaba, kuma a rana mafi muni yana gaba da miliyan 21.

Mannir, Daura: Malam Lawal, da izininka zan ƙara wani abu. Tunda banki ya yarda ya saya a 1,540, ai wannan yana nuna cewa masanan banki sun hango dala za ta kai can ko ta wuce, domin banki ba ya ƙulla cinikin da zai faɗi. Idan kuwa haka ne, ofshin ya fi dacewa, tunda alama ta nuna hawa za ta yi. Kuma ina ganin an manta cewa miliyan 9 ɗin yau ake biya, ba ranar da kuɗi suka shigo ba.

Malam Lawal: Mannir, maganarka ta biyu daidai ce, kuma na gode da gyaran. Idan kuɗin da Alhaji ke juyawa suna cin kashi 20 cikin ɗari a shekara, naira 30 ta yau daidai take da naira 31 da kwabo 50 bayan wata uku, don haka inda ofshin ke kamo fowad ya matsa kaɗan, daga 1,570 zuwa kusan 1,572. Bambancin naira dubu 450 ne a kan duka kwangilar.

Amma maganarka ta farko kuskure ce da mutane da yawa ke yi. Farashin fowad ba hasashe ba ne, daga bambancin kuɗin ruwa yake fitowa. Ka duba abin da banki zai iya yi ranar da ya ƙulla da Alhaji: zai ranto dala yau, ya sayar da ita a 1,500, ya zuba nairar a takardun bashin gwamnati na wata uku, ranar da Alhaji ya kawo dalarsa sai ya biya bashin dalar da ita. Idan muka ƙaddara ruwan naira kashi 20 ne a shekara, na dala kashi 5, a wata uku sun zama kashi 5 da kashi 1.25:

```
1500 × 1.05 ÷ 1.0125 = 1555.56
```

Wato banki zai iya biyan har 1,555 ba tare da ya yi asara ba, ko dala ta hau ko ta faɗi. Da ya ba Alhaji 1,540, kimanin naira 15 a kowace dala ya riƙe wa kansa, sama da miliyan huɗu da rabi. Lambobin ruwan na ƙaddara su ne don misali, amma Alhaji zai iya tambayar ainihin waɗanda suka yi aiki da su, ya sake lissafin, ya kuma nemi farashin wani bankin. A nan ake tayi, kamar yadda ake yi a kasuwar hatsi.

Mannir: Na fahimta, Malam. Sai dai har yanzu ina ganin a ƙasar da aka taɓa wayar gari dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a Yunin 2023, sayar da duk damar hawa a kan naira 40 ya yi arha.

Hajiya Binta, Daura: Assalamu alaikum. Ni zoɓo nake fitarwa, ba riɗi ba, kuma lissafina bai kai na su Malam Lawal ba, amma fowad ya taɓa ƙona ni, don haka bari in faɗi abin da na gani. Lissafin da aka yi a sama duk ya tsaya ne a kan cewa dala 300,000 za su shigo cif, kuma a rana ta 90. Ni nawa kayan sun yi mako biyar a tashar jirgin ruwa kafin a loda su, da suka isa kuma mai saye ya ce akwai danshi a wani ɓangare, ya zaftare kuɗi. Ranar fowad ta zo, babu dala a hannuna, dala kuma ta tashi. Banki bai tambaye ni labarin jirgi ba, takardar da na sa wa hannu aka buɗe mini. Alhaji, ka tambayi kanka tun yanzu: idan rana ta zo babu kuɗin, wa zai biya?

Alhaji Sada: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Wannan shi ne abin da ban yi tunani a kai ba ko kaɗan. Malam Lawal, idan haka ta same ni, nawa ne a lambobina?

Malam Lawal: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar. A ce mai saye ya zaftare kashi 20 cikin ɗari, ya turo dala 240,000, dala kuma tana 1,800. Ka yi wa banki alkawarin 300,000, saura 60,000 ke nan, dole ka sayo su a 1,800 ka miƙa a 1,540, ko ka biya bambancin. Naira 260 sau 60,000 miliyan 15.6 ne, ƙari a kan asarar zaftarewar kanta. Idan kuwa kwangilar ta rushe gaba ɗaya, naira 260 sau 300,000 miliyan 78 ne, ya fi duk ribar da kake nema ka kare. Da ofshin ne, iyakar asararka ta wannan fuska miliyan 9 ɗin da ka riga ka biya. Gaskiya ne cewa idan dala ta faɗi a irin wannan hali fowad ɗin riba zai ba ka, amma ɗan kasuwa ba ya jingina dukiyarsa da irin wannan sa'a.

Jinkiri yana da sauƙi idan an shirya masa. Ka nemi su rubuta maka tazara maimakon rana ɗaya, misali ka kawo dalar kowace rana tsakanin ta 90 da ta 120. Farashin da za su ba ka zai fi kusa da na ranar farko, domin banki yana lissafi da ranar da ta fi masa muni, amma ya fi a tsare ka a rana guda. Idan ba a yi haka ba, matsar da fowad gaba yana nufin a rufe tsohon a farashin ranar, ka biya bambancin da tsabar kuɗi, sannan a buɗe sabo. Sabon zai zo da farashi mai tsoka wanda zai mayar maka da yawancin kuɗin daga baya, amma a ranar kai ne za ka nemo miliyoyin, a lokacin da duk jarinka yana kan teku.

Akwai kuma ajiyar jingina. Idan suka ce kashi 10 cikin ɗari, miliyan 46.2 ne za su kwanta a banki wata uku, kuma a wasu yarjejeniyoyin idan dala ta yi tsalle za su kira ka ka ƙara. Ka karanta wannan sashen kafin ka kalli farashi.

Ina da tambaya ɗaya wadda duk shawarata ta rataya a kanta. Riɗin nan tan 200, duk yana sito, ko akwai wanda ba ka saya ba tukuna?

Alhaji Sada: Tan 120 yana sito a nan Katsina, an tace an zuba a buhu. Saura tan 80 yarana suna tattarowa daga Mai'aduwa da Maigatari, in bai cika ba mu ƙarasa a Dawanau, ina sa ran cikin mako uku zuwa huɗu. Na yi lissafinsa a naira miliyan 1.7 kowane tan.

Malam Lawal: To, wannan ya canza hoton. Riɗi kayan fita ne, kuma dillalan Dawanau suna kallon dala kamar yadda kake kallonta. Idan ta tashi da safe, da wuya buhu ya kwana a farashin jiya. Don haka miliyan 390 ɗinka ba duka ne suka tsaya ba. Tan 80 ɗin da ba ka saya ba, kuɗinsu miliyan 136, suna tafiya ne tare da dala. Ka ƙaddara ka ɗaure duka dala 300,000 a 1,540, sai dala ta tashi zuwa 1,800 kafin ka gama saye, riɗi ya bi ta da kashi 20 cikin ɗari. Kowane tan ya ƙaru da naira 340,000, tan 80 ya ƙaru da miliyan 27.2. Abin da zai shigo yana nan a miliyan 462, abin da ya fita ya koma miliyan 417.2, riba ta sauko daga 72 zuwa 44.8. Ka ga fowad ɗin da aka ce ya tsayar da riba bai tsayar ba, ya ɗaure ƙafa ɗaya ne ya bar ɗayar tana tafiya.

Da ni ne, fowad zan yi a kan abin da ke sito kaɗai, wato dala 180,000, wanda zai ba da miliyan 277.2. Saura dala 120,000 in saya musu ofshin da miliyan 3.6. Idan dala ta faɗi 1,250, wannan kason zai ba da miliyan 176.4, jimilla 453.6, riba miliyan 63.6, kuma ban ma lissafa cewa riɗi zai sauko ba, domin mun san dillali yana saurin hawa, yana nawar sauka. Idan ta tashi 1,800 kuma riɗi ya bi ta, kason zai ba da miliyan 212.4, jimilla 489.6, a cire 417.2, riba miliyan 72.4. Ribar tana tsakanin 63 da 73 a ranaku biyu masu nisa da juna, kuma ko mai saye ya zaftare kashi 20, dala 240,000 sun isa su cika alkawarin 180,000 ba tare da ka je kasuwa neman dala ba.

Mannir: Malam, amma idan riɗin za a gama saye cikin mako huɗu, me zai sa a biya ofshin na kwana 90? Ai Alhaji zai iya barin 120,000 ɗin haka nan, duk tan ashirin da suka shiga sito ya je ya ɗaure dalarsu da fowad a farashin ranar. Idan dala ta hau, riɗi ya yi tsada amma fowad ɗin ma ya hau. An huta da miliyan 3.6.

Malam Lawal: Wannan tunani ne mai kyau, kuma idan farashin riɗi yana bin dala sama da ƙasa daidai wa daida, kai ne da gaskiya. Matsalata biyu ce. Idan dala ta faɗi cikin makonnin nan, riɗi ya ƙi sauka saboda kaka ta wuce kaya sun yi ƙaranci, Alhaji ya sayi mai tsada ya ɗaure dala mai arha. Sannan a ƙarshe zai koma mai fowad a kan duka 300,000, wato mun dawo gidan da Hajiya ta gargaɗe mu. Sai dai na yarda cewa ba kowane banki ke rubuta ofshin na naira ba, kuma wanda ya rubuta yana iya tsawwalawa. Idan suka ce naira 60 maimakon 30, ni ma zan karkata wajen hanyarka, amma in tsaya a wajen 240,000.

Kabir: Ni dai abin da nake tsoro shi ne bankin kansa. Ba an yi ta labarin fowad da ba a biya ba?

Malam Lawal: An yi, amma ɗaya ɓangaren ne. Bashin fowad na kusan dala biliyan 7 da ya taru a kan Babban Banki zuwa 2023, wanda aka sanar da biyan halastaccen kasonsa a Maris na 2024, na masu jiran a ba su dala ne bayan sun biya naira. Alhaji shi ne mai kawo dala yana karɓar naira, kuma ƙarancin dala ba ya hana banki biyan naira. Duk da haka tambayarka tana da amfani: ya tabbatar ko yarjejeniyar ta miƙa dala ce hannu da hannu, ko ta biyan bambanci ce da naira, kuma in ta biyun ce, da wane farashi na wace rana za a auna.

Malam Abdulƙadir, Sabuwar Unguwa: Na bi lissafin nan tun daga farko, kuma na ƙaru. Amma wajibi ne in tuna mana cewa musayar kuɗi da kuɗi a fiƙihu tana buƙatar karɓa da miƙawa a zama ɗaya, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin ofshin kamar yadda ake yinsa a kasuwannin kuɗi bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce kuma ba amfani ba ne da za a karɓi kuɗi a kansa. Fowad na al'ada ma yana da matsala, tunda an jinkirta ɓangarorin biyu. Bankunan Musulunci suna bin hanyar wa'adi daga ɓangare ɗaya, inda ɗaya ya yi alkawarin saye ko sayarwa a wani farashi, ainihin musayar kuma a ƙulla ta ranar da kuɗi suka zo, kuma ko a wannan malamai suna da saɓani. Alhaji, ka kai takardar kanta wajen malamin da ya san mu'amalar banki, kada ka kai masa labari da baki.

Malam Lawal: Allah ya saka da alheri, Malam. Hukunci naku ne. Ta fuskar lissafi kawai, idan wa'adin yana ɗaure Alhaji ya sayar a farashin da aka ambata, lambobinsa na fowad ne, har da haɗarin miliyan 78 ɗin nan, don haka iyakar 180,000 tana nan. Idan ofshin ya fita daga zaɓi, kason 120,000 sai dai ya bi hanyar Mannir.

Hajiya Binta: Akwai wata hanyar da ba ta bi ta banki. Bayan abin da ya same ni, na koma ina neman kashi 30 cikin ɗari kafin lodi, ko da zan rage wa mai saye 'yan daloli a kowane tan. A kwangilar Alhaji dala 90,000 ke nan, da zai canza su yau a 1,500 ya samu miliyan 135, kusan daidai da kuɗin tan 80 ɗin da suka rage.

Alhaji Sada: Hajiya, kwangilar an riga an sa mata hannu a kan biya bayan takardu sun isa, amma zan kira mutumin in ji ko zai yarda da wani kaso idan na rage masa dala 15 a tan. Ranar Litinin zan koma banki in nemi farashin 180,000 mai tazarar rana ta 90 zuwa ta 120, da nawa ne jinginar, in kuma karɓo kwafin yarjejeniyar in kawo wa Malam Abdulƙadir. Malam Lawal, idan ya yarda da kashi 30 ɗin, abin da zai rage ana bin sa dala 210,000 ne kafin a cire ragin; shin 180,000 ɗin bai yi yawa ba a lokacin?

Malam Lawal: Ya yi yawa. Zaftarewar kashi 20 daga jimillar kwangila ake yin ta, kimanin dala 60,000, kuma daga cikon za a cire, sai ya rage maka wajen 150,000 da kake da tabbas a kansu. Ka fara jin amsar mutumin Turkiyya kafin ka sa hannu a komai, ka kuma turo mana adadin jinginar idan sun faɗa maka.